Bashin miji da mata: idan aure ya mutu, wa zai biya?

Darasinmu na yau a kan bashi ne. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai wani bashi da ya fi sauran wuyar sha'ani, shi ne wanda miji da mata suka ɗauka tare, sannan aure ya mutu ba a gama biya ba.

Wata rana a ajinmu na yaƙi da jahilci, wata baiwar Allah ta tambaye ni. Ta ce: “Malam, mutum ya sake ni, ya ba ni takardata, na koma gidanmu. To, don me mai bashi zai biyo ni har ɗakin uwata?” Sai aji ya ɗau surutu. Wasu suka ce an zalunce ta. Wasu suka ce ai ita ta dangwala hannu. Amsar wannan tambaya ce za mu bi a hankali.

Ga abin da nake so ka riƙe tun daga farko. Saki yana kwance igiyar aure, amma ba ya yage takardar bashi. Kuma a cikin tambayar “wa zai biya?” akwai tambayoyi biyu daban. Ta farko: wa mai kuɗi zai kama? Ta biyu: tsakanin mijin da matar, a wuyan wa kuɗin za su tsaya daga ƙarshe? Takarda ke amsa ta farko. Lissafin inda kuɗin suka shiga shi ke amsa ta biyu. Wanda ya cuɗa tambayoyin nan biyu, shi ke yin asara.

Yadda bashin ke shigowa gida

A nan Damargu, daga Falanko zuwa Gangara, Tanut da Belbeji, damina ɗaya muke da ita, kuma ba kowace shekara take cika ba. Manya sun tuna 1984, matasa sun tuna 2005. Idan rumbu ya yi ƙasa, ko ana son jarin turka rago, sai a nemi bashi. Ƙofofin kuwa uku ne aka fi bi. Akwai ɗan kasuwa, mai ba da hatsi ko kuɗi a biya da kaka. Akwai ƙungiyar mata, irin ta Mata Masu Dubara, wadda ƙungiyar CARE ta soma a jahar Maraɗi a 1991, ta bazu cikin Nijar. Sannan akwai asusun ajiya da bashi, mai ofis da ma'aikata da takardu.

Ƙofar ɗan kasuwa, sau da yawa baki da baki ne. Ƙofar ƙungiya, sunan matar ake rubutawa a littafi, ko da mijin ne zai kashe kuɗin. Ƙofar asusu kuwa, takarda ce da sa hannu. A kan ƙofar asusu za mu fi tsayawa, domin can ne sa hannu ke ɗaure mutum.

Ka kuma lura, maganarmu a kan aure ne irin namu, wanda aka ɗaura bisa addini da al'ada. A irin wannan aure, dukiyar miji tasa ce, dukiyar mata tata ce. Awakinta, sadakinta, gadonta da kayan ɗakinta ba su zama na miji don an yi aure ba. Haka ma bashi. Aure shi kaɗai ba ya ɗora maka bashin da abokin zamanka ya ci don harkar kansa.

Tambaya ta farko: wa mai kuɗi zai kama?

Idan an kawo takardar bashi, mutum yana iya sa hannu a matsayi uku. A ido duk iri ɗaya ne, yatsa ne da tawada. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, shaida. Shaida ya ga an ba da kuɗi, ya ji sharaɗi, shi ke nan. Ba a binsa ko dala.

Na biyu, mai lamuni, wato wanda ya tsaya wa wani. Da Faransanci za ka ji ma'aikaci yana cewa “kosiyon”. Shi bai ci bashin ba, amma ya yi alkawari idan mai bashi ya kasa, shi zai biya. Matar da ta tsaya wa mijinta, lamuninta na nan ko bayan saki. Sai dai doka ta sa sai an fara neman wanda ya ci bashin, an yi masa gargaɗi bai biya ba, sannan a juyo kan mai lamuni.

A nan akwai abin da ya shafe mu, mu masu koyon karatu. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA. Dokarsu ta lamuni da jingina, wadda aka yi a 1997 aka sabunta a 2010, ta ce mai lamuni ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya tsaya a kai, da harufa da kuma lambobi. Idan bai iya rubutu ba, dole a kawo shaidu biyu. Su ne za su tabbatar cewa shi ne, yana wurin, kuma an bayyana masa abin da ya ɗauka da abin da zai biyo baya. Saboda haka kada kunya ta hana ka cewa: “A karanta mini da Hausa, a gaban mutum biyu.” Haƙƙinka ne, ba alfarma ba.

Na uku, wanda ya ci bashin tare da wani. Sunan miji da na mata duk suna kan takarda a matsayin masu ɗaukar kuɗi. A nan ma akwai iri biyu. Idan takarda ba ta ce komai ba, kowa rabonsa ake binsa. Mutum biyu, rabi da rabi. Amma idan takarda ta ce kowane ɗaya ya lamunce wa ɗayan, to mai kuɗi na da ikon kama wanda ya ga dama, ya ce ya biya duka. Wannan sharaɗi shi ake kira “solider” da Faransanci. Dokar ƙasa ta ce a bashin da ba na ƴan kasuwa ba, ba a ƙaddara wannan sharaɗi da ka, sai an faɗe shi a fili cikin yarjejeniya. Malamanmu na Malikiyya ma haka suka karantar: masu bashi ɗaya, kowa rabonsa, sai fa in sun sharɗanta lamunce wa juna.

To, masu ba da bashi sun san wannan. Shi ya sa suke son sa wannan sharaɗi a takardunsu. Kafin ka dangwala, ga tambayar da za ka yi wa ma'aikaci: “Idan abokina ya kasa, nawa za ku bi ni? Rabi ko duka?” Amsarsa ita ce girman kayan da ka ɗauka.

Misali: raguna biyu da buhun hatsi

Bari mu yi misali, mu bi lissafinsa daki-daki. Ka ɗauko allonka ko littafinka, ka riƙa rubutawa. Ka tuna jika 1 sefa 1.000 ce, dala 100 kuwa sefa 500, wato rabin jika.

A ce wani magidanci da matarsa a Falanko sun je asusu sun ɗauki jika 100, wata 5 kafin Layya. An rubuta su duka biyu, da sharaɗin lamunce wa juna. A ce kuɗin ruwa jika 10 ne. Ke nan ranar biya za su kawo jika 110 a dunƙule. Ka lura, kowace jika 10 da aka ci tana jawo jika 1 a bayanta.

Ga inda kuɗin suka shiga:

Raguna 2 na turka: jika 60.
Dusa da harawa: jika 10.
Hatsin ci na gida: jika 30.

Sun yi shiri tun farko cewa kiwon na su biyu ne, riba rabi da rabi. Da aka yi wata 3, sai zama ya ƙi daɗi, ya sake ta. Ya kama rago ɗaya ya sayar, ya yi kuɗin mota ya tafi biɗa wajen Agadas. Ita kuma ta ja ɗayan ragon zuwa gidan iyayenta, ta ci gaba da kiwo, ta sayar da shi gab da Layya.

Ranar biya ta zo. Ma'aikacin asusu ya nemi mijin, ba ya gari. Matar kuwa tana nan, kowa ya san gidansu. Sai ya ce ta kawo jika 110. Ta ce: “Ai mun rabu.” Ya ce: “Aurenku ne ya mutu, takardarmu na nan da rai.” Ko ya yi ƙarya? A'a. Abin da ta sa wa hannu ke nan. Da babu sharaɗin lamunce wa juna, da jika 55 kawai zai iya binta, sauran ya nemi mijin duk inda yake. Da kuwa shaida ce kawai, da ba ruwanta.

Wannan ita ce amsar tambaya ta farko. Mai kuɗi ba ya duba wa ke da laifi a mutuwar aure. Ba ya duba wa ya ci ragon. Wanda hannunsa ya kai gare shi yake kamawa. Kuma a ƙasarmu, wanda ba ya tafiya biɗa, wanda ake samu kullum a gida, yawanci mace ce.

Tambaya ta biyu: a wuyan wa za su tsaya?

To, a ce matar ta haɗa kuɗin ragonta, ta sayar da akuya biyu, ƴan'uwa suka cika mata, ta biya jika 110. Shi ke nan ta yi asara? A'a. Ta sallami asusu, amma yanzu ita ce ke bin tsohon mijinta. Doka ta ba wanda ya biya duka damar ya bi abokinsa rabon da ke kansa. Sauran aiki shi ne a gane ko nawa ne rabon.

Mutane da yawa za su ce: “A raba biyu, kowa jika 55.” Wannan lissafi yana da sauƙi, amma bai yi daidai ba. A bi kuɗin, a ga inda kowace jika ta kwana.

Mu fara da hatsi. Jika 30 aka kashe, da kuɗin ruwansu jika 3, sun zama jika 33. Wa ke da nauyin ciyar da gida? A shari'ar Musulunci, ci da sha da sutura da wurin kwana a kan miji suke, ko da matar na da dukiyarta. Ke nan bashin da aka ci don tuwon gida nasa ne shi kaɗai. Ba a cewa ai ita ma ta ci tuwon, domin ciyar da ita dama haƙƙinta ne. Sai fa in ta faɗa da bakinta cewa ta ɗauke masa, kyauta ta yi.

Sai kiwo. Raguna da abincinsu jika 70, da kuɗin ruwa jika 7, sun zama jika 77. Kiwon na su biyu ne, kuma kowa ya tafi da rago ɗaya. Sai a raba biyu: kowa jika 38 da dala 100.

Yanzu mu tara:

Mijin: jika 33 da jika 38 da dala 100, sun zama jika 71 da dala 100.
Matar: jika 38 da dala 100.

Ka haɗa su ka gani, jika 110 cif. Tunda ita ta biya duka, tana binsa jika 71 da dala 100. Da ta yarda da rabi da rabi, da jika 55 kawai za ta nema, ta yi asarar jika 16 da dala 100. Ka ga amfanin iya lissafi.

Kada maza su ce darasin nan na mata ne kawai. A juya misalin. A ce jika 30 ɗin nan ba hatsi aka saya ba, ita ce ta yi jarin ƙuli-ƙuli da su, ribar kuma tana shiga aljihunta. To jika 33 a wuyanta suke, ba a wuyansa ba. Ƙa'idar ɗaya ce: kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Bashin da ba a rubuta sunan mai cinsa ba

Akwai wani iri da ya fi yawa a ƙauyukanmu. Miji ya ce wa matarsa: “Karɓo mana jika 20 a ƙungiyarku, in sayi iri, da kaka in biya.” Ta karɓo ta miƙa masa a ɗaki, ba wanda ya gani. A littafin ƙungiya sunanta ne kaɗai. Idan aure ya mutu, ƙungiya ita ta sani. In ta kasa, a cire daga zubinta, ko sauran mata su ɗauki asarar, ita kuma sunanta ya ɓaci a gari. Idan ta kai ƙara, za a ce ta kawo shaida. In ba ta da shaida, shi kuma ya musa, sau da yawa maganar a kan rantsuwa take ƙarewa.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ranar da za ki miƙa kuɗin, ki kira mutum biyu masu mutunci, su ji da kunnensu cewa rance ne ba kyauta ba. Sannan ki rubuta a littafinki: rana, kuɗi, abin da za a yi da su, ranar biya. Shi ma ya sa hannu. Wani zai ce: “Rubutu tsakanin miji da mata? Ai rashin yarda ne.” Ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Abin yi idan an rabu

Na ɗaya, kada a jira ranar biya. Tun matar na cikin idda, kafin a kwashe kaya, waliyyai su zauna a yi lissafin bashi: nawa aka ci, nawa aka biya, nawa ya rage, ina kuɗin suka shiga. Idan akwai dabba ko hatsin da aka saya da bashin, abin da ya fi shi ne a sayar a gaban shaidu, a kai kuɗin asusu kai tsaye. A misalinmu, da an sayar da ragunan biyu an kai kuɗin, da abin da zai rage kaɗan ne.

Na biyu, a rubuta abin da aka shirya. Mai gari da sarki suna da ikon sasanta mutane a irin wannan rigima. Dokar sarakunan gargajiya ta 1993 ta ba su wannan iko, wadda ta maye gurbinta a 2015 ma ta bar musu shi. Idan an shirya, a roƙi a rubuta takardar sulhu, kowa ya riƙe tasa. Idan ba a shirya ba, sai a rubuta cewa sulhu bai yiwu ba, a wuce gaban alƙali a Tanut. Sarki sulhu yake yi, yanke hukunci aikin alƙali ne.

Na uku, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Ko da mijin ya tashi a gaban mai gari ya ce: “Na ɗauki bashin duka, ba ruwanta,” wannan magana ta ɗaure shi ne tsakaninsa da ita kawai. Ba ta ɗaure asusu ba, domin asusu ba ya wurin, bai kuma yarda ba. Idan mijin ya kasa, za su dawo kanta. Abin da zai cire ta shi ne su je ofis tare, asusu ya yarda ya sauke ta a rubuce, ya bar shi kaɗai ko ya karɓi wani mai lamuni a madadinta. Asusu yana iya ƙi. In ya ƙi, takardar sulhu ba ta zama banza ba, da ita za ta bi mijin in an sa ta biya.

Na huɗu, duk dalar da ka biya, ka karɓi rasiɗi, ka duba sunan wa aka rubuta ya kawo kuɗin. Kada ka ba tsohon abokin zama kuɗi ka ce ya kai maka. Kai da kanka, ko ka aiki wanda zai dawo maka da takarda. Kuma kada fushi ya sa ka ce: “Ba zan biya ba sai ya biya.” Tarar jinkiri tana hawa kan ku duka, kuma abin da aka jinginar shi za a fara taɓawa, ko na wane ne.

Wata magana kuma. Idan matar ce ta nemi rabuwa ta hanyar hul'i, mayar da sadaki daban, bashi daban. Wani lokaci akan shirya cewa ta yafe abin da take binsa a madadin sakin. In haka ne, a faɗi adadin a fili, a rubuta. Kada a bar shi a dunƙule, gobe kowa ya fassara yadda ya so.

Mu tuna

Saki ba ya goge sa hannu.
Shaida daban, mai lamuni daban, mai cin bashi daban.
Mai kuɗi takarda yake bi. Miji da mata kuwa, inda kuɗin suka shiga za su bi.
Ba wanda zai sauke ka daga bashi sai mai kuɗin da kansa, a rubuce.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin shaida da mai lamuni?
2. Wace tambaya za ka yi wa ma'aikacin asusu kafin ka sa hannu?
3. A misalinmu, don me hatsin jika 30 ya hau kan mijin shi kaɗai?
4. Miji da mata sun ci jika 50, kuɗin ruwa jika 5. An sayi hatsin gida na jika 20, matar ta yi jarin kanta da jika 30. Nawa ne rabon kowa?
5. Ka rubuta a littafinka ƴar takardar rance ta jika 20 tsakanin miji da mata, da rana, da ranar biya, da wurin sa hannun shaidu biyu. Ka kawo ta aji mu karanta tare.